Rigar da ke Shanye Gumi: Me Ya Sa Take Gazawa Idan Iska Ta Cika da Laima?

Wanda ya sayi jesin wasa mai kyau a Kano cikin watan Maris ba ya rasa abin yabo. Zai buga ƙwallo da la'asar rana na dukan ƙeya, ya gama ya shafa ƙirji ya ji rigar kamar ba a yi gudu da ita ba, in ban da farin gishirin da ya ja mata layi a gadon baya da ƙarƙashin hammata. Rigar nan dai, idan Agusta ta kama, ko ƙungiyarsu ta tafi wasa Fatakwal ko Legas, sai ta jiƙe sharkaf ta manne masa tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Daga nan sai zargi ya biyo baya: ko an sayar masa da jabu, ko wanki ya kashe ta. Wani lokacin hakan gaskiya ne, kuma akwai yadda ake ganewa. Amma galibi rigar lafiyarta ƙalau. Aikin busar da gumi na mutum biyu ne, riga da iska, kuma rabon rigar shi ne ƙarami. Ita kai ruwa kawai take yi bakin ƙofa. Mai karɓa ita ce iska, kuma ranar da iska ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓa sai kaɗan.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, gumi a kan kansa ba ya sanyaya kowa. Ruwa ne mai ɗumin jiki, da ɗan gishiri. Sanyin yana zuwa ne a lokacin da ruwan ya bar fata ya zama tururi, domin kafin ya tashi sai ya ɗebi zafi daga inda yake zaune. Kowane gram ɗaya na gumi da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400. Idan aka tara gram 100, wato ƙasa da rabin ƙaramin kofi, zafin da suka kwashe ya kai kusan wanda zai ɗaga zafin jikin mutum mai kilo 70 da digiri ɗaya. Gumin da ya gangaro ta haɓa ya ɗiga ƙasa kuwa, ko wanda aka matse daga riga, asara ce tsantsa: jiki ya yi hasarar ruwa da gishiri, zafin kuma yana nan inda yake.

Yadda ruwa ke hawa sama da ƙafarsa

Duk wanda ya taɓa gyara fitilar ƙwai ya san lagwani. Gindinsa na cikin kananzir, kansa na sama, babu famfo babu inji, amma man yana hawa har bakin wuta. Abin da ke ɗaga shi shi ne dai ke tafiyar da gumi a cikin jesi, masana kimiyya kuma suna kiransa aikin kafilari, wato jan da ƙananan kafofi ke yi wa ruwa.

Ƙarfi biyu ne suke haɗuwa a nan. Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da junansu, shi ya sa ɗigo ke dunƙulewa maimakon ya watse, kuma fuskar ruwa take zama a ɗaure kamar an ja ta. Sannan ruwa yana manne wa wasu abubuwan, kamar gilashi mai tsabta ko auduga. Idan ruwa ya shiga siririyar kafa wadda yake son bangonta, gefensa sai ya kama bangon ya ɗan hau, fuskar ta lotsa a tsakiya, wannan ɗaurin na fuska kuma ya jawo sauran ruwan ya biyo. Haka zai yi ta tafiya har nauyin ruwan da aka ɗaga ya yi daidai da ƙarfin jan, ko kuma kafar ta cika.

Wani likita Bature mai suna James Jurin ya bayyana ƙa'idar abin a 1718: gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan hawan ruwa. A bututun gilashi mai tsabta wanda faɗin bakinsa milimita 2 ne, ruwa yana hawa kamar santimita ɗaya da rabi. Idan aka rage faɗin sau goma, ya koma kashi biyu cikin goma na milimita, sai ya hau santimita 15. A sake ragewa sau goma, ya kai mita ɗaya da rabi. Kafofin da ke tsakanin silin zaren jesi suna cikin wannan aji na ƙarshe, saboda haka ƙarfin jan da ke cikinsu ba abin rainawa ba ne.

A ɗauki zare ɗaya daga bakin tsohuwar jesi a warware shi a kan farar takarda. Za a ga ashe ba abu ɗaya ba ne, dami ne na sili masu yawa, sau da yawa 36 ko 72 ko 144, kowanne ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Silin na foliyesta ne, wanda mutane suka fi kira yadin roba, kuma a Ingila aka ƙirƙiro shi a 1941. Abin mamakin shi ne foliyesta ba ya shan ruwa. Idan aka ajiye shi a ɗaki mai matsakaiciyar laima, ruwan da ke shiga cikin jikin silin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, alhali auduga tana ɗaukar kashi 7 zuwa 8. To tunda ruwa ba shi da wurin zama a cikin silin, sai ya bi ta lungunan da ke tsakaninsu. Waɗannan lungunan su ne bututun.

A nan bambancinta da auduga yake. Auduga ma tana jan ruwa ta kafofi, har ma da sauri, amma silinta yana sha ya kumbura, ya riƙe ruwan a cikinsa, kumburin kuma ya matse hanyoyin iska. Rigar auduga takan tara ruwa mai yawa a wuri ɗaya, ta yi nauyi, ta daɗe ba ta saki ba. Babban dalilin da ya sa jesi ke riga ta bushewa ke nan: tun farko ruwan da ta riƙe bai kai na audugar ba, kuma wanda ta riƙe ɗin ta baza shi.

Bazawar ita ce ainihin amfanin rigar. Jikin mutum ba ya fitar da gumi daidai wa daida. Tsakiyar baya da ƙirji sun fi zubarwa, gefen ciki da hannuwa ba su kai su ba. Da a ce gumin tsakiyar baya zai tsaya inda ya fito, da sai ya taru ya gangara cikin wando. Jesi tana ɗaukarsa ta shimfiɗa shi a kan yadi mai faɗin tafin hannu ko fiye, kuma ruwan da aka shimfiɗa ya fi wanda ke dunƙule saurin tashi, domin fuskar da yake nuna wa iska ta ƙaru.

Sai dai tafiyar ba ta ɗorewa da sauri ɗaya. Edward Washburn, masani Ba'amurke, ya nuna a 1921 cewa idan ana son ruwa ya ninka nisan da ya ci a cikin kafa, lokacin da zai ɗauka sai ya ninku sau huɗu. Idan ya ci santimita 2 a daƙiƙa 10, zai buƙaci daƙiƙa 40 ya ci santimita 4, sannan daƙiƙa 160 ya ci santimita 8. Saboda haka ratsa kaurin yadi daga ciki zuwa waje abu ne na ƙiftawar ido, amma ɗauke gumi daga tsakiyar baya zuwa gefen riga tafiya ce mai nawa. Kuma kafa mafi ƙanƙanta, duk da ta fi ƙarfin ja, ta fi jinkirin wucewa, saboda ruwan yana gogar bango.

Masu saƙa sun yi amfani da wannan saɓanin. A jesi mai kyau, idan aka juya ta, za a ga cikin da wajen ba iri ɗaya ba ne. Ɓangaren da ke taɓa fata an saƙa shi da zare mai manyan kafofi, na waje kuma da sili ƙanana masu matsattsun kafofi. Da yake ƙaramar kafa ta fi ƙarfin ja, tana ƙwace ruwa daga babba, sai gumin ya riƙa tafiya waje ba ya dawowa, fata ta ji bushewa ko da wajen rigar na da danshi. Wasu kamfanonin har siffar silin suka sauya. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da yadin Coolmax a 1986, wanda silinsa ba mulmulalle ba ne, yana da kwari huɗu da suka bi tsawonsa don ruwa ya samu magudana. Abu na ƙarshe shi ne wani sinadari da ake shafa wa yadin a masana'anta domin ruwa ya so jikinsa. Foliyesta tsurarsa ba ya jiƙuwa da daɗin rai, kuma in ruwa bai manne wa bango ba, komai ƙanƙantar kafa ba za ta ja shi da ƙarfi ba.

Inda iska ke shigowa

Mu koma kan lagwani, domin rabin darasinsa ne muka ɗauka. Kananzir yana ci gaba da hawa ne saboda wuta na cinye wanda ya iso sama. A kashe fitilar, lagwanin zai zauna a jiƙe, amma babu man da ke motsi a cikinsa kuma, domin kowace kafa ta cika, babu busasshen wurin da zai yi ja. A jikin ɗan wasa, tashin tururi shi ne wutar. Muddin iska na kwashe ruwa daga wajen rigar, kafofi suna samun gurbi, sabon gumi na shigowa. Idan kwashewar ta yi ƙasa da zubowar, rigar za ta cika, kuma cikakkiyar riga ba ta jan komai. Laima ba ta lalata ƙarfin jan da ke cikin kafofin ba. Hana su zama fanko ta yi.

Me ke ƙayyade yawan abin da iska za ta karɓa? Ruwan da ke kan fata mai ɗumi yana tura tururi waje da wani ƙarfi, tururin da ke cikin iska tun da farko shi ma yana turowa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke tafiyar da bushewa. Ana auna wannan turin da ma'aunin da ake kira kilofaskal, kuma ba sai mai karatu ya damu da ma'anarsa ba, lambobin kawai zai kwatanta. Fatar mai motsa jiki cikin zafi takan kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma jiƙaƙƙiyar fata a wannan ɗumin tana turi da ƙarfin 5.6.

Yanzu a ɗauki wata la'asar ta bazara a Kano, zafi digiri 40, laima kashi 15 cikin ɗari. Iska mai digiri 40 in ta cika maƙil da tururi ƙarfinsa 7.4 ne, kashi 15 na wannan kuma 1.1. A cire 1.1 daga 5.6, saura 4.5. Sai a ɗauki wata la'asar a Fatakwal, zafi digiri 30 kacal, laima kashi 80. Cikar iska mai digiri 30 ita ce 4.2, kashi 80 ɗinta 3.4. A cire daga 5.6, saura 2.2. Ma'aunin zafi ya ce Fatakwal ta fi Kano sauƙi da digiri goma cur, amma ƙarfin busar da gumi a can rabin na Kano ne.

Rigar ma tana ƙara rage shi, kuma wannan ba a cika faɗa a talla ba. Idan gumi ya bar fata ya koma wajen yadi, daga can zai tashi, wajen yadin kuma bai kai fata ɗumi ba. In yana digiri 32, turinsa 4.8 ne maimakon 5.6. A busasshiyar iska wannan ragin ba ya hana komai, domin tazarar na da yawa. A Fatakwal kuwa ya mayar da 2.2 ya koma 1.4. Sannan wani ɓangare na zafin da tururin ke ɗauka daga yadin na iskar waje ne, ba na jiki ba. George Havenith da abokan aikinsa a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun auna wannan, suka wallafa a 2013 cewa sanyin da jiki ke samu daga kowane gram yana raguwa gwargwadon nisan wurin tashin daga fata. Ga siririyar riga da ke kwance a jiki ragin kaɗan ne, amma yana ƙaruwa sosai idan an yi riga kan riga.

Bari mu bi ɗan wasa ɗaya mu ga lissafin. Lambobin gumin da na riga misali ne na ɗauka don a ga yadda abin ke tafiya, amma suna cikin abin da ake samu a zahiri. Mu ce yana zubar da lita 1.2 a awa, kuma da irin gudunsa da rigarsa, iskar Kano za ta iya karɓar lita 1.4 a awa. Iska ta fi ƙarfin gumin, saboda haka duk abin da ya fito yana tashi, rigar ba ta taɓa cika ba, gishiri kawai ake bari a baya. A Fatakwal iskar na karɓar rabi, lita 0.7. Rabin lita ke nan ke rage wa kowace awa ba shi da wurin zuwa, wato kimanin gram 8 a minti ɗaya. In rabin wannan ya faɗa kan riga, gram 4 ke nan a minti. Idan rigar na iya riƙe gram 150 kafin ta ƙoshi, ba za ta kai minti 40 ba. A farkon wasa zai ji daɗinta, domin kafofin fanko ne, tana ta sha. Wajen minti na ashirin baya da ƙirji sun yi duhu. Kafin alƙalin wasa ya hura usur na hutu, ta manne, ruwa na ɗiga daga bakinta, kuma ruwan ya toshe ƙananan ramukan saƙar da iska ke bi ta isa fata. Jiki kuma da ya ji bai huce ba sai ya ƙara buɗe gumi, wanda ba ya ƙara komai sai asarar ruwa.

Kada a ɗauka Kano ta zama wurin hutu a wannan lissafin. Iska mai digiri 40 ta fi fata zafi, tana zuba wa jiki zafi ne, kuma da yake rigar a bushe take, mutum ba ya ganin yawan ruwan da ke fita daga jikinsa sai ƙishirwa da jiri sun kama shi. Hatsarin busasshen zafi ƙarewar ruwan jiki ne a ɓoye. Na zafi mai laima kuwa taruwar zafi ne a jiki alhali mutum yana jiƙe sharkaf.

Duniya ta ga wannan a Doha, babban birnin Ƙatar, a ƙarshen Satumban 2019, lokacin gasar guje-guje ta duniya. An tsayar da gudun fanfalaƙi na mata da tsakar dare musamman don a kauce wa rana. Duk da haka zafi ya haura digiri 32, laima ta wuce kashi 70. Mata 68 suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba, wasu a keken marasa lafiya aka fitar da su. Ruth Chepngetich ta Kenya ce ta yi nasara da awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43, lokacin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ta saba yi. Waɗannan ƙwararru ne sanye da kayan da manyan kamfanoni suka ƙera musu, babu rana a kansu, amma yadin bai iya tilasta wa iska ta karɓi abin da ba ta da wurinsa ba.

Akwai wani tarko a lambar laimar da waya ke nunawa. Kashi 90 ba kullum yake nufin wahala ba, domin kason yana tafiya ne da zafin iskar. Safiyar damina a Jos, digiri 22 da laima kashi 90, tururinta 2.4 ne kawai, tazara da fata 3.2, ta fi ta Fatakwal mai kashi 80 nesa. Iska mai sanyi ko ta kusa cika ruwan da ke cikinta kaɗan ne, kuma da ta taɓa jiki ta ɗumama sai ta sami sabon gurbi. Abin tsoro shi ne haɗuwar zafi da laima. Wanda manhajar yanayinsa ke nuna zafin da raɓa ke fara sauka, wannan lambar ta fi amfani: in ta haura digiri 24, a sa ran riga za ta cika. A misalinmu na Fatakwal tana kusan 26. Arewa ma tana samun irin waɗannan ranaku, musamman idan an yi ruwa da dare a tsakiyar damina sannan rana ta buɗe da hantsi, iska ta tsaya cik. Matan gida sun san ranar, domin shanyar da hunturu ke busarwa kafin a gama girki takan wuni a igiya.

Rigar ce ta mutu, ko iskar ce?

Gwajin ba ya buƙatar komai sai cokali da ruwa. A shimfiɗa busasshiyar rigar, cikinta na kallon sama, a ɗiga mata ɗigo ɗaya daga kusa. A yadi mai aiki, ɗigon zai nutse cikin daƙiƙa kaɗan, in an juya kuma a ga tabon danshin ya fi faɗi a waje fiye da ciki. Idan ɗigon ya tsaya a dunƙule yana ƙyalli, ana karkata yadin yana gangarawa, to ruwa ba ya son jikin silin. Ko dai tun asali foliyesta ne tsura da ba a yi masa komai ba, kamar yawancin jesi masu arha da ake sayarwa don ado, ko sinadarin ya wanke, ko wani abu ya rufe shi. Wanda ke son ya ƙara tabbatarwa sai ya rataye rigar, ya tsoma bakinta cikin kwano mai ɗan ruwa, ya duba bayan minti goma. Masana'antu ma irin wannan gwajin suke yi da tsinken yadi da abin awo. Yadi mai kyau zai ɗaga ruwan santimita da dama, mataccen kuwa da ƙyar zai wuce inda aka tsoma. Rigar da ta ci waɗannan gwaje-gwajen amma ta jiƙe a fili ba ta da laifi.

Abubuwan da ke rufe silin sanannu ne. Na farko ruwan nan mai ƙamshi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe don tufafi su yi laushi. Laushin nasa wani siririn maiƙo ne da yake bari a kan zare, maiƙo kuwa ba ya shiri da ruwa. Sai man shafawa, musamman basilin da muke laftawa lokacin hunturu, da maiƙon jiki kansa. Foliyesta yana son mai fiye da yadda yake son ruwa, shi ya sa yake riƙe shi, kuma wannan na cikin dalilan da jesi ke saurin ɗaukar wari fiye da rigar auduga. Sabulun da ba a ɗauraye da kyau ba shi ma yana barin saura a kafofi. Maganin shi ne wanki da omo daidai kima, ɗauraya sosai, ba tare da ruwan laushi ba, kuma a nisanta ta da dutsen guga mai zafi, wanda ke iya narkar da silin ya manne su.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne bugun roba. Za ka ga ƙungiyar unguwa ta tara kuɗi da ƙyar ta sayi jesi masu kyau, sannan a kai wa mai bugu ya manna ƙatuwar lamba a tsakiyar baya da faffaɗan tambari a ƙirji, daidai wurare biyun da suka fi zubar da gumi. Ƙarƙashin robar babu tururin da ke fita ko a Agadas ne. A cire rigar bayan wasa a duba, siffar lambar za ta fito a jiƙe. Bugun da launinsa ke shiga cikin zaren ba ya toshe kafa, shi ya kamata a nema, in kuma dole sai roba, a rage girmanta. Jakar goyo, rigar ruwa, da rigar shaida mai kauri da ake ɗorawa a sama duk aiki ɗaya suke yi: suna tsare iskar da ke kan yadin har ta cika da tururi, sai mutum ya ƙirƙiro wa kansa Fatakwal a tsakiyar Sakkwato.

To a wurin da laima ta yi yawa me ya rage? Tunda tazarar ba ta hannunmu, abin da za a iya ƙarawa shi ne motsin iska. Iskar da ke kwance a kan jiƙaƙƙen yadi ta fi ta sarari cika, kuma kaɗawa ce ke ture ta ta kawo wata. Shi ya sa mai keke ko mai babur yake jin daɗin rigar da mai aiki a cikin sito yake tsine wa, kuma shi ya sa fanka ke taimako ko a Legas, muddin tururin iskar bai kamo na fata ba. A irin wannan yanayi, ina ganin saƙar riga da ɗinkinta sun fi sunan da ke wuyanta muhimmanci. A ɗaga ta a hasken rana: wadda haske ke ratsawa ta ƙananan ramuka, marar nauyi, mai ɗan sakin jiki yadda iska za ta shiga ta wuya da hannu, ta fi matsattsiya mai kauri, ko da matsattsiyar ta fi tsada. A bar ƙasanta a sake in ba dokar wasa ta hana ba. Kuma kada a sa singiletin auduga a ƙarƙashi, domin ita za ta shanye gumin ta riƙe shi a fata, jesin ba ta ga komai ba.

Duk da gazawarta, jesin roba ba ta zama banza a laima ba. Ko ta cika, ruwan da ke jikinta bai kai na auduga ba, ba ta yin nauyi kamarta, kuma da an zauna gaban fanka ita ce za ta fara bushewa. Ga mai tafiya a hankali ko mai zaman kasuwa kuwa, sakakkiyar rigar auduga marar kauri ba ta da abin kunya, musamman a busasshen zafi inda ɗan danshin da ta riƙe yake tashi yana sanyaya jiki. Ga ɗan wasa, dabarar da ta fi sauƙi ita ce riga biyu. Sabuwar da aka saka a hutun rabin lokaci tana zuwa da kafofi fanko, ta ba shi wasu mintoci na bushewa kafin ita ma ta cika. Jin daɗi ne da kariya daga gogar fata, ba ƙarin sanyi mai yawa ba. Sanyin gaske a irin wannan rana yana zuwa ne daga inuwa, fanka, ruwan sanyi a ciki da kuma a kan wuya da kai, da rage gudu.

Masu horar da yara da masu kula da leburori su ne suka fi buƙatar wannan bayanin. Idan rigunan mutanenku sun manne kuma gumi na ɗiga daga gwiwar hannu, jikinsu ya daina samun cikakken sanyin gumin da yake zubarwa, komai kyan rigar. A ƙara hutu, a matsar da aiki mai nauyi zuwa lokacin da ya fi sauƙi. Wanda ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko tangaɗi, a fitar da shi nan take a kai shi inuwa. In kuwa ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, ko da jikinsa na jiƙe da gumi, a cire masa rigar, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti ba tare da an daina sanyaya shi a hanya ba.